Mabuɗi a Aljihun Kanari

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya san ba ni da haƙurin surutu. Idan ina kan keke, ko ƙuda ya cika kuka sai na kai masa duka. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da 'yar da ba ta san shiru ba. Tun tana rarrafe take gwalantu, da baki ya buɗe kuwa sai abin ya zama kamar an bar famfo a kunne. Shi ya sa muke kiranta Kanari. Da an tashi daga makaranta za ta faɗo shagona, ta haye kan tulin ƙyallaye, ta ba ni labarin wanda ya zo a makare, da wanda ya ci alli, da malamin da takalminsa ya ɓalle. In ce, "Kanari, bar ni in ji da wuyan rigar nan." Ta ce, "To Baba, saura ɗaya." Ɗayan nan ba ya ƙarewa.

A shekararta ta bakwai, tana aji biyu, sai Kanari ta yi shiru. Tana dawowa sai ta wuce shago ta bayan gida, ta shige ɗaki. Abinci sai ta tsakura ta ture. Wani lokaci in gan ta a bayan ƙofa ta miƙe a kan yatsun ƙafa, ta harɗe ƙafafu, fuska ta yi jawur, idan na yi magana ta ce ba komai. Ni da nake roƙon shiru, da shirun ya zo sai ya hana ni ko zura zare a allura.

Mamanta ce ta fara gano wandunan da take ɓoyewa. Tana shara ta tarar da su a cuse a bayan akwati, duk sun ɓaci. Muka dubi abin, ruwa-ruwa ne, muka ce ai gudawa ce. Wa zai ga haka ya ce wani abu daban? Na je kemis na karɓo maganin tsayar da gudawa, muka ɗura mata. Ashe ana kukan targaɗe ne mu kuma muka kawo karaya. Cikin ya ƙara tauri kamar ganga, ɓata wandon kuma bai tsaya ba. Daga nan faɗa ya shigo. Mamanta ta ce ƙiwa ce, ni na ce wasa ne yake ɗauke mata hankali. Ita kuma abu ɗaya take maimaitawa: "Wallahi ban ji fitarsa ba." Ba mu yarda ba.

Ranar da abin ya faru a cikin aji, malamarsu da kanta ta rako ta gida, ta ɗaura mata gyalenta a ƙugu. Malama doguwar mace ce mai magana a hankali, irin mutanen da sai ka matso kafin ka ji su. Ta ce wa maman Kanari, "Ku kai ta asibiti. Na taɓa ganin irin wannan, kuma ba na jin gudawa ce." Kanari kuwa ta shige ƙarƙashin teburin yanka yadi ta ce ita da makaranta har abada, don wani yaro ya toshe hanci, ajin duka ya ɗauka.

Likita ya danna cikin nan, ya yi tambayoyi, sannan ya ɗauki takarda ya zana mana wani abu kamar bututu. Ya ce taurin bayan gida ne, ya daɗe yana taruwa. Yaro yakan yi sau ɗaya ya ji zafi, sai ya ji tsoro ya fara riƙewa. Idan ya riƙe, abin ya ƙara bushewa ya ƙara girma, fitarsa ta ƙara zafi, sai ya ƙara riƙewa. A haka hanji yake buɗewa ya saki, har ya daina gaya wa yaron cewa lokaci ya yi. Ruwan da muke gani kuwa sabo ne yake zagaye tsohon dunƙulen ya zubo, ba da saninta ba.

Maman Kanari ta ce, "Likita, ke nan da gaske take ba ta ji?"

Ya ce, "Da gaske take."

Ban dubi kowa ba a ɗakin nan, don kunyar 'yata ta kama ni. Ya rubuta mana wani garin magani da ake damawa a ruwa, ya ce da farko za a ba ta da yawa a wanke abin da ya taru, daga baya a riƙa ba ta kaɗan kullum har tsawon watanni, kada mu daina don mun ga sauƙi. Ta riƙa shan ruwa, ta ci ganye da 'ya'yan itace. Bayan kowane cin abinci ta zauna a banɗaki na ɗan lokaci, idan mai kujera ne a sa mata abin taka ƙafa. Ya hana duka, ya hana gori. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Babban abu shi ne wannan: duk lokacin da ta ji, ta tafi a lokacin. Ko a ina take. In tana riƙewa a makaranta, abin da kuka gyara a gida can zai warware."

Nan gizo yake saƙar, domin na san makarantar. Banɗakinta yana can ƙarshen fili, bayan tankin ruwa, kuma kullum da kwaɗo a ƙofar, saboda masu wucewa a titi sun taɓa mayar da shi nasu. Mabuɗin kowane aji an ɗaure shi a jikin wani katako mai tsawon hannun babban mutum, an shafa masa jan fenti don kada ya ɓata. Yaron da ya matsu sai ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya faɗi abin da zai je yi kowa na ji, sannan ya saɓi jan katakon nan ya ratsa fili ta gaban tagogin dukan azuzuwa. Yara har waƙa suka yi wa katakon. Ban da haka, doka ta ce sai lokacin hutun tara, kuma a lokacin tara layi yakan kai har gindin tanki, na baya suna dukan ƙofa. Yarinyar da take buƙatar zama a natse, ina za ta iya?

Muka yi kwanakin wankin cikin a gida, kuma ba zan ba ku labarinsu ba, don ko maƙiyina ba na yi masa fatan su. Da aka gama, Kanari ta fara cin abinci, amma maganar makaranta ko a kunnenta. Na fara tunanin in bar ta a gida sai baɗi. Maman Kanari ta yafa mayafi ta tafi wajen Malama ta kwashe duk abin da likita ya faɗa ta gaya mata.

Washegari da hantsi wani ɗan aji shida ya kawo mini ambulan a shago. Ni dai a sanina takarda daga makaranta ba ta zuwa da alheri, don haka na buɗe ta da fushina a shirye. Rubutun hannu ne, ga abin da ke ciki:

"Zuwa ga mahaifan Kanari, bayan gaisuwa. Na ji bayanin likita, kuma na tattauna da shugabar makaranta, ta amince da abin da ke ƙasa, ga sa hannunta. Daga yau Kanari za ta fita zuwa banɗaki duk lokacin da ta ji bukata, ko ana tsakiyar darasi. Ba sai ta ɗaga hannu ba, ba sai ta faɗi dalili ba, kuma ba wanda zai tambaye ta don me ta daɗe. Na mayar da kujerarta kusa da ƙofa. Ba za ta ɗauki jan katako ba, na sa an yanka mata mabuɗinta, ga shi a cikin ambulan. Za ta ajiye gorar ruwa a kan teburinta. Bayan cin abincin tara zan tuna mata a asirce ta je ta ɗan zauna idan layi ya watse. Ina roƙon ku aiko da kayan canji guda, zan ajiye a kabad ɗina. Abin da ya wuce ta na karatu ni zan maimaita mata. Wannan lalura ce kamar kowace lalura, ba laifinta ba ne, kuma na ja kunnen ajin. Abu na ƙarshe: ni zan buɗe mata hanya ne kawai. Tashin, ita za ta yi da kanta, kuma ina roƙon mu ba ta lokaci. Muna kewar surutunta."

Na juya ambulan, ɗan ƙaramin mabuɗi ya faɗo a kan yadin da nake yankawa. Maimakon in yi godiya, sai kaina ya ɗauki zafi. Na shiga gida ina kaɗa takardar na ce, "Kin ga abin da kika jawo mana? Maganar bayan gidan 'yata a rubuce, da sa hannu, kamar takardar fili! Gobe duk malaman makarantar sun karanta, jibi matansu sun ji."

Maman Kanari tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Baban Kanari, kai da kake auna ƙugun mutane da tef kullum, yau kai ne mai kunyar jikin ɗan Adam? Ranar da aka rako ta da gyale a ƙugu, akwai wanda bai gani ba? Kunyar ai ta riga ta wuce, saura magani."

Na koma shago na huce a kan keke. Da yamma na je makarantar da kaina. Na gode wa Malama, amma na kafa sharaɗi: daga ita sai shugaba, kada wani malami ya ji. Ta ce, "Baban Kanari, da za ka bari in sanar da sauran malamai, da ya fi mata sauƙi. Ba kullum nake cikin ajin ba." Na ce a'a, na kafe. Ta ce to, 'yarka ce, amma ta sake rubuta takardar a wata 'yar ƙaramar warƙa, shugaba ta sa hannu, ta ce a bar wa Kanari a jikinta saboda tsaro.

Abin da na iya shi na yi. Na ɗinka mata sababbin kayan makaranta kala biyu, ɗaya na sawa ɗaya na kabad. A cikin rigar, ta gefen dama, na yi wani aljihu na ɓoye wanda ko mai wanki sai ya lalubo. Na ɗaure mabuɗin da igiya na ɗinke bakin igiyar a cikin aljihun, na naɗe 'yar takardar a leda na cusa. Na kira Kanari na ce ta sa hannu. Ta laluba, ta ji ƙarfe, ta dube ni.

Na ce, "Naki ne ke kaɗai. Ko shugaba da katako take zuwa."

Ta ɗan yi murmushi, rabona da ganin haƙoranta har na manta. Ranar Litinin ta koma makaranta.

Kada ku ɗauka shi ke nan. Ta koma, tana shan maganinta, tana shan ruwa, a gida kuma abin yana tafiya daidai. Amma mabuɗin nan bai taɓa shiga kwaɗo da son ranta ba. Idan Malama ta tuna mata bayan tara, sai ta je ta tsaya a ciki ta fito. Idan kuwa abin ya zo mata ana darasi, sai ta harɗe ƙafafu a ƙarƙashin tebur ta daure har a tashi, ta sheƙo gida a guje, wani lokaci ta iso, wani lokaci a sha wanki. Ƙofa tana kusa da ita kamar ta miƙa hannu, amma tashi a gaban yaran da suka yi mata dariya ya fi ƙarfinta. Da muka koma asibiti likita ya taɓa cikin ya ce an samu ci gaba, sai dai har yanzu tana riƙewa, kuma muddin tana riƙewa ana iya komawa gidan jiya. Na ce wa Malama ko za ta riƙa kama hannunta tana fitar da ita. Ta ce, "In na yi haka, ajin duka zai juyo ya kalla. Ka ƙara haƙuri." Ni da haƙuri kuwa ba ma ga maciji.

Haka muka kai ƙarshen zango, lokacin jarrabawa. Makarantar tana da wata ƙa'ida da ban sani ba sai ranar: a lokacin jarrabawa ba malamin da yake tsaron ajinsa, musanya ake yi don kada wani ya taimaki nasa. Aka tura Malama aji biyar, can ɗaya gefen fili. Ajin su Kanari kuma aka ba wa malamin ladabtarwa, wanda yara suke kira Malam Tsawa. Gajere ne kakkaura, muryarsa kuwa ko a shagona ina jin ta idan iska ta juyo. Dokarsa a jarrabawa ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda ya fita ya fita ke nan, takardarsa ta zama ta malam. Malama ta so ta yi masa bayani da safe, ta tuna sharaɗina, ta dai ce masa yarinyar da ke bakin ƙofa tana da izinin fita. Shi kuma yana rungume da takardu, yana yi wa wasu tsawa, ko ya ji ko bai ji ba, Allah masani.

Ni kuma a ranar na kai labulen ofishin malamai da aka ba ni ɗinki. Ina kan kujera a baranda ina saƙala ƙarfen labule, daga inda nake ina hango cikin ajin su Kanari ta ƙofa. An shiga jarrabawar lissafi bayan tara, wato ba a daɗe da cin abinci ba, daidai lokacin da likita ya ce ciki yakan motsa. Ina kallonta tana rubutu. Can sai na ga fensirin ya tsaya. Ta gyara zama. Ƙafafun suka fara harɗewa, ta dafe gefen tebur, fuskar ta soma yin ja. Na san wannan tsayuwar kamar yadda na san tafin hannuna. Na ce yau ma za a sha wanki, kuma idan abin ya kuɓuce mata a gaban Malam Tsawa da ajin nan, ko da sarƙa ba mai sake kawo ta makarantar.

Sai na ga hannunta na dama ya tafi gefen riga, ya shige aljihun. Ta daɗe a haka. Sannan ta warware ƙafafunta, ta kife takardarta, ta miƙe.

"Ke! Ina za ki?"

Ƙarfen labulen ya kusa suɓuce mini. Malam Tsawa ya taho ya tsaya a bakin ƙofa, ya cike ta. Kawunan yara duka suka ɗago. Na diro daga kujera, na riga na shirya maganganun da zan gaya masa, waɗanda ba za su rubutu a nan ba. Sai na hango Malama a ƙofar aji biyar, ita ma muryar ta fito da ita. Ba za ta iya barin ajin da take tsaro ba. Ta dube ni daga can nesa, ta girgiza kai, ta ɗaga tafin hannu alamar in tsaya. Na tuna abin da ta rubuta, cewa tashin ita za ta yi da kanta. Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuyar tsayuwar nan ba. Kuma na san ni na jawo, da na bari an gaya wa mutumin da ba a kai ga haka ba.

Malam Tsawa ya ce, "Ba ki san doka ba? Koma ki zauna, ko ki ba ni takardarki."

Kanari ba ta koma ba. Kanta bai wuce maɓallin cikinsa ba, amma ta ɗaga shi ta dube shi. Muryar ta fito siririya da farko.

"Malam, banɗaki za ni."

"Sai an gama."

"Malam, ba ni da lafiyar ciki. Likita ya ce in na ji kada in riƙe." Sai muryar ta ƙara fitowa, har na ji tsohuwar Kanari a ciki. "In na riƙe ciwon dawowa yake. Malama ta rubuta, shugaba ta sa hannu. Ga shi. Kuma Malam, don Allah ka karanta da sauri."

Ta zaro 'yar ledar ta miƙa masa. Wani yaro a baya ya ƙyalƙyale da dariya, irin dariyar da takan ja sauran. Malam Tsawa ya warware takardar, ya nisanta ta da idonsa don ya bar tabarau a ofis, leɓensa yana motsi. Ban san abin da na zata zai yi ba. Sai kawai na ga ya matsa gefe, ya manne da bango kamar babban baƙo zai wuce.

Ya ce, "Wuce, 'yata. Kada ki yi gaggawa, takardarki tana nan tana jiranki." Ya dubi agogon hannunsa, ya ɗauki alli ya rubuta lokacin a gefen allo. Sannan ya juya ga ajin, ya saki muryar nan gaba ɗayanta: "Wa ya yi dariya? Wanda bai taɓa zuwa banɗaki ba a cikinku ya ɗaga hannu in gan shi!"

Ba hannun da ya tashi. Kawuna suka koma kan takardu kamar an danna su.

Kanari ta sauka daga baranda ta ratsa fili. Ba ta gan ni ba, labulen da ke hannuna ya kare ni. Ba gudu take ba, amma tafiya ce ta mai abin yi, hannunta a cikin aljihu. Ta kai ƙofar, ta jawo igiyar, ta yi ɗage ta sa mabuɗin. Kwaɗon ya ɗan yi gardama, raina ya tafi tare da shi, sannan ya buɗe. Ta cika buta a bakin tanki, ta shiga ta rufo.

Na zauna a kan kujerar da nake takawa, labule a cinyata. Malama tana ƙofar aji biyar, ido ɗaya a kan ɗalibanta ɗaya a kan tanki. Malam Tsawa yana kai da komo a bakin ƙofarsa, hannuwa a baya, shi ma yana satar kallon wajen. Manya uku, kowa da aikinsa, mun zuba wa ƙofar banɗaki ido kamar masu jiran a fito da sakamakon haihuwa. Da ya matso kusa da ni sai ya gane ni, ya rage murya iya yadda zai iya, wato har aji uku ana ji.

"Kai ne mahaifinta? To me ya hana a gaya mini tun farko?"

Na ce, "Malam, ni na hana."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tela, ka iya ɗinki, amma wannan ka yanka shi ba daidai ba." Na karɓa, don gaskiya ya faɗa.

Ta daɗe. Ni dai na ga kamar an yi shekara. Can ƙofar ta buɗe. Ta fito, ta mayar da kwaɗon ta datse, ta tsaya a bakin tanki ta wanke hannu da sabulu har tsintsiyar hannu kamar yadda mamanta ta koya mata. Ta juyo, kuma daga tafiyar kaɗai na san labari, don rabon da in ga tana tsallenta na ƙafa ɗaya tun kafin shirun. Tana tsakiyar fili ta hango ni. Ta tsaya cak. Sannan ta buɗe bakin nan da Allah ya ba ta, a tsakiyar makarantar da ake jarrabawa, tagogi duk a buɗe:

"Baba! Na yi! Na yi da yawa, kuma ko zafi babu!"

Kawuna suka leƙo ta kowace taga. Malama ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Malam Tsawa ya buɗe baki zai yi aikinsa, ya fasa, ya juya yana gyara allin da ba abin da ya same shi. Ni kuwa, mutumin da ya yi fushi don an rubuta maganar a takarda an rufe a ambulan, sai na ji ni a tsaye, labulen mutane a ƙasa, na ɗaga hannu biyu sama ina ihu da muryar da ta kusa kamo ta Malam Tsawa:

"Madalla da Kanari! Haka ake yi! Gobe ma ki ƙara!"

Ta shige aji ta wuce ta gabansa, ta zauna ta buɗe takardarta. Da aka karɓi ta kowa, ya bar ta ta cike lokacin da ya rubuta a allo, yana tsaye a kanta kamar mai gadi. Kafin in bar makarantar na leƙa wajen Malama na ce ta gaya wa duk malamin da ta ga dama, har da mai gadin ƙofa in ta so.

Maganin dai mun ci gaba da shi watanni kamar yadda likita ya ce, kuma an sake shan wanki jefi-jefi kafin abin ya daidaita, kayan canjin da ke kabad ɗin Malama ma sun yi amfani sau ɗaya. Amma daga ranar nan ba ta sake harɗe ƙafa a aji ba.

Da yammacin ranar kuwa ina kan keke, ina fama da wuyan wata riga, sai ga ta ta faɗo shago ta ƙofar gaba, ta haye tulin ƙyallaye. Ta fara daga yadda kwaɗon ya ƙi buɗewa, ta koma kan yadda Malam Tsawa yake karatu da leɓe, ta shiga labarin yaron da ya yi dariya da abin da ya same shi. Akwai masu jiran ɗinki biyu a kan benci, ba ta rage musu komai ba, har da girman abin da ta yi, tana aunawa da hannu. Maman Kanari ta leƙo ta ce, "Ke, bar babanki ya yi aiki mana."

Na ɗauke ƙafata daga kan keke, na ajiye rigar a gefe.

Na ce, "Ƙyale ta. Kanari, saura nawa?"

Ta ce, "Saura ɗaya, Baba."

Na gyara zama.